Yadda ake fitar da matsakaicin maki daga hoton katin sakamako, a jera darussa, a sa wa ɗalibi burin da zai iya kaiwa

Yawancin iyaye da 'yan'uwa yanzu ba sa riƙe katin sakamakon yaro a hannu ranar da aka ba da hutu. Hotonsa ake turo musu a waya, ido kuma ya kan faɗa kan abu biyu kawai: na nawa ya zo a aji, da ko akwai jan biro. Daga nan sai yabo ko faɗa. Amma wannan hoton yana ɗauke da amsar tambayar da ta fi waɗannan amfani, wato a wane darasi, kuma a wane ɓangare na darasin, ƙarin maki biyar ko shida zai sauya wani abu. Fitar da amsar ba ya buƙatar komai sai biro da takarda da kalkuletar waya. Zan bi aikin da katin 'yar yayata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, sakamakon zango na biyu.

Hoton da za a iya yarda da shi

Kafin a taɓa kalkuleta, a duba ko hoton ya karantu. A shimfiɗa katin a tebur ko a ƙasa, a danne kusurwoyinsa, a ɗauka daga sama kai tsaye da hasken rana, ba da fitilar waya ba, don fitilar tana barin farin ƙyalli a tsakiyar takarda, inda maki suke. Idan aka ɗauka a karkace, layukan sukan gangara, sai ido ya fara daga Lissafi a hagu ya ƙare a kan makin Fiziks a dama ba tare da ya sani ba. Hoto uku ya fi ɗaya: na katin gaba ɗaya, na rabin sama, da na rabin ƙasa inda jimla da matsakaici da ma'aunin matakai suke. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi, saboda haka a turo shi ta hanyar `Document` ko a taɓa `HD` kafin a aika. Idan kuma za a nuna wa wani don neman shawara, a yanke saman da ke ɗauke da sunan yaro da lambarsa da hotonsa.

Sai a kwafe makin zuwa takarda, layi bayan layi, ana faɗaɗa hoton. Kada a kwafi jimla kaɗai. A kwafi makin gwaje-gwajen cikin zango, wanda kati yake kira `CA`, da makin jarrabawa, da jimla, da matsakaicin aji idan makarantar tana rubuta shi. A kuma duba kan kowane gurbi a ga bisa nawa aka ba da makin, domin wasu makarantu suna raba shi 30 da 70, wasu 40 da 60. A makarantar yarinyar nan gwaji biyu ake yi, kowanne maki 15, aikin gida maki 10, jarrabawa maki 60. Ga abin da na kwafe, na haɗe ƙananan gurabun uku wuri ɗaya:

| Darasi | Gwaji (40) | Jarrabawa (60) | Jimla | Matsakaicin aji |
|---|---|---|---|---|
| Turanci | 24 | 28 | 52 | 55 |
| Lissafi | 27 | 19 | 46 | 43 |
| Fiziks | 22 | 26 | 48 | 47 |
| Kemistiri | 25 | 33 | 58 | 49 |
| Bayoloji | 28 | 36 | 64 | 60 |
| Aikin gona | 30 | 41 | 71 | 72 |
| Hausa | 33 | 46 | 79 | 74 |
| Addini | 34 | 49 | 83 | 78 |
| Sibik | 14 | 43 | 57 | 66 |

Amfanin kwafe dukkan gurabun yana fitowa ne idan lamba ta ƙi karantuwa. A hoton nan, jimlar Kemistiri ta faɗo daidai kan lanƙwasar takarda, lamba ta biyu tana iya zama 3 tana iya zama 8. Ba sai an yi canke ba: gwaji 25, jarrabawa 33, an haɗa 58 ke nan. Haka ake yi wa kowace lamba mai ruɗani, kuma a rubutun hannu masu ruɗanin sanannu ne: 1 da 7, 3 da 8, 4 da 9, 0 da 6. Idan biyu daga cikin lambobi uku na layi sun karantu, ta ukun ta fito. Idan biyu ne suka ɓace, a nemi a sake ɗaukar hoton, kada a cike da zato.

Akwai tantancewa ta biyu da ke kama kuskuren kwafe. A tara gurbin gwaji daga sama zuwa ƙasa, ya ba da 237. A tara na jarrabawa, ya ba da 321. Haɗinsu 558. Sai a tara gurbin jimla shi kaɗai, shi ma ya ba da 558. Tunda hanya biyu sun haɗu a lamba ɗaya, kwafen ya yi. Da sun saɓa, bambancin kansa yakan nuna inda matsalar take: bambancin 5 yakan zama 3 da aka karanta a matsayin 8, bambancin 10 yakan zama an manta ɗaya da aka riƙe a kai wajen tarawa, bambancin da 9 ke raba shi kuwa, kamar 18 ko 27, yakan zama an juya lambobi ne, an rubuta 46 a maimakon 64.

Matsakaici, da inda yake ruɗin mutum

Matsakaici shi ne jimlar maki a raba ta da yawan darussan da ɗalibi yake ɗauka. A nan 558 a raba 9, ya ba da 62.0. Amma abin da aka rubuta a ƙasan katin 55.8 ne. Da ganin lambar an san abin da ya faru, tunda 558 ce aka matsar wa ɗigo: an raba da 10. Katin yana da layi na goma na Jogirafi, darasin da yarinyar ba ta ɗauka, layin kuma a wofi yake, amma wanda ya yi lissafin ya ƙirga layuka maimakon darussa. Wannan kuskure ɗaya ya cinye mata sama da maki 6 a matsakaici, kuma idan da matsakaicin aka jera ɗalibai, matsayin da aka ba ta ma ba daidai ba ne. Abu ne da ake kai wa malamin aji cikin ladabi, da takardar lissafi a hannu: "Malam, a taimaka a sake duba mana, kamar da goma aka raba alhali tara take yi." Malamin da ya tara makin ɗalibai masu yawa da hannu cikin 'yan kwanaki ba abin mamaki ba ne ya zame a wuri ɗaya.

Sai dai a bambance layin da ke wofi saboda ba a ɗaukar darasin da layin da aka rubuta `ABS` saboda ɗalibi bai zauna jarrabawar ba. Na farko ba a ƙirga shi. Na biyu darasinsa ne, kuma makaranta takan ƙirga shi da makin gwajinsa kaɗai. A irin wannan yana da kyau a fitar da matsakaici biyu, na makaranta da wanda aka cire darasin, don a san ƙarfin yaron na gaskiya ba tare da an ruɗi kai game da abin da ke rubuce ba.

Wanda ya fi son waya ta yi masa aikin zai iya zuba teburin a Excel ko Google Sheets, darussa a gurbin A daga layi na 2 zuwa na 10, gwaji a B, jarrabawa a C, matsakaicin aji a E:

```
D2:  =B2+C2
F2:  =D2-E2
G2:  =RANK(D2,$D$2:$D$10,0)
D11: =AVERAGE(D2:D10)
```

D zai ba da jimla, F bambancinta da matsakaicin aji, G kuma matsayin darasi a jeri. A ja na layi na 2 zuwa ƙasa har na 10. A lura cewa `AVERAGE` yana tsallake gidan da ke wofi amma yana ƙirga sifili, don haka darasin da ba a ɗauka kada ma a ba shi layi, tunda haɗa gida biyu na wofi sifili zai bayar.

Ga masu riƙe da katin makarantun Nijar, lissafin yana da ƙarin mataki. Can maki bisa 20 yake, kuma kowane darasi yana da lambar nauyinsa a gefensa. Ana ninka maki da nauyinsa, a tara, a raba da jimlar nauye-nauyen, ba da yawan darussa ba. Misali, 9 a darasi mai nauyi 3 da 15 a darasi mai nauyi 1: 27 da 15 sun ba da 42, a raba 4, ya ba da 10.5. Wanda ya haɗa 9 da 15 ya raba biyu zai samu 12, ya yi murnar da ba ta da tushe.

To, mun samu 62. Lamba ce mai daɗin ji, amma ta haɗa abubuwan da ba su da nauyi ɗaya a gaban wannan yarinyar. Neman gurbin jami'a a Najeriya a fannin kimiyya yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sauran ukun da aka fi nema kuma su ne Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. A ware waɗannan biyar: 52, 46, 48, 58, 64, jimla 268, a raba 5, ya ba da 53.6. Sauran huɗun jimlarsu 290, matsakaicinsu 72.5. Ashe Addini da Hausa da Aikin gona ne suka ɗago matsakaicin, darussan da za su buɗe mata ƙofa kuwa suna lilo a bakin 50. A ganina wannan 53.6 ita ce lambar da ya kamata a rubuta da babban baƙi a saman takarda, ba 62 ba. Ɗalibin adabi ko na kasuwanci sai a sauya ukun ƙarshe da nasa.

Jeri biyu, ba ɗaya ba

Jeri na farko shi ne wanda kowa ke yi, daga babban maki zuwa ƙarami: Addini 83, Hausa 79, Aikin gona 71, Bayoloji 64, Kemistiri 58, Sibik 57, Turanci 52, Fiziks 48, Lissafi 46. Amfaninsa shi ne a ɗora shi kan ma'aunin matakai. Makarantu da yawa suna amfani da matakan da aka saba gani a sakamakon WAEC: A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, D7 daga 45, E8 daga 40, F9 ƙasa da haka. Kiredit yana farawa daga C6. Wasu makarantun suna da nasu ma'aunin, yawanci a buge a ƙasan kati ko bayansa, shi ya sa na ce a ɗauki hoton wurin. Bisa wannan ma'auni, Fiziks da Lissafi suna D7, ƙasa da kiredit, ɗaya da maki 2 ɗaya da maki 4. Turanci ya haye da maki 2 kacal.

Aibin jeri na farko shi ne yana ɗauka cewa 70 a wajen kowane malami 70 ce. Ba haka ba ne. Wani malamin hannunsa a sake yake, wani kuma sai an yi gumi kafin a ga 50. Abin da ke gyara wannan shi ne gurbin matsakaicin aji. A ɗebe shi daga makin ɗalibi, a rubuta abin da ya rage, sama ko ƙasa. Jeri na biyu sai ya fito haka: a Kemistiri ta fi aji da 9, Addini da Hausa da 5 kowanne, Bayoloji da 4, Lissafi da 3, Fiziks da 1, a Aikin gona kuma aji ya fi ta da 1, Turanci da 3, Sibik da 9. Inda biyu suka yi kunnen doki, kamar Addini da Hausa, dukansu na biyu ne, mai bi musu ya zama na huɗu.

Duba yadda hoton ya sauya. Kemistirin da ke tsakiya da 58, wanda ba wanda zai yaba, shi ne darasin da ta fi tsere wa 'yan ajinsu a ciki. Aikin gona mai 71 ba wata bajinta ba ce, ajin duka haka suka ci. Lissafin da ke ƙarshen jeri na farko kuwa, ta fi matsakaicin ajin, wanda yake 43. Wannan ba ya wanke 46, domin ranar babbar jarrabawa ba da 'yan ajinsu kaɗai za a auna ta ba. Amma yana faɗa mana cewa matsalar ba ta yarinyar kaɗai ba ce. Ajin da matsakaicinsa a Lissafi yake 43, ko jarrabawar ta yi tsauri, ko ba a gama manhaja ba, ko malami bai samu shiga yadda ya kamata ba. Faɗan "ba kya karatu" ba zai magance ko ɗaya daga ciki ba. Turanci da Sibik su ne inda abokan karatunta suka samu abin da ita ba ta samu ba, a aji ɗaya gaban malami ɗaya, don haka can ne tambayar ta koma kanta.

Idan katin ba shi da matsakaicin aji, wasu suna da maki mafi girma da mafi ƙanƙanta. Ba su kai matsakaici amfani ba, tunda ɗalibi ɗaya mai hazaƙa ko wanda bai zo jarrabawa ba yana iya jan su, amma suna nuna tsaurin malami: darasin da gwanin aji ya ci 61 a cikinsa, 48 ba abin kunya ba ne. Idan babu ko ɗaya, a tambayi malamin aji, takardar da ya tara makin ajin duka tana hannunsa.

Cikin makin: gwaji ne ko jarrabawa?

Nan ne aikin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ba a kwatanta 27 da 19 kai tsaye, tunda ɗaya bisa 40 yake ɗaya bisa 60. A mayar da kowanne bisa ɗari: a raba maki da cikakken makin gurbinsa, a ninka da 100. A Lissafi, 27 bisa 40 kashi 67.5 ne, 19 bisa 60 kuwa kashi 31.7. A Sibik abin ya juye: gwaji kashi 35, jarrabawa kashi 71.7. Duka darussan biyu suna buƙatar gyara, amma ciwonsu daban, maganinsu ma daban.

Sibik ya fi sauƙi. Da aka faɗaɗa hoton a kan ƙananan gurabun, gwaji na farko 8, aikin gida 6, gurbin gwaji na biyu kuwa ɗan layi ne aka ja. Na kira ta na tambaya. Ta ce, "Kawu, ranar zazzaɓi nake yi, ban je ba." Na ce da ta koma ta gaya wa malamin? Ta ce ta ji nauyi. Shi ke nan labarin maki 9 da aji ya fi ta. Darasin ta iya shi, 43 bisa 60 shaida ce. Da an tsaya a jimla, da an ɗauko mata malamin lesin a darasin da abin da yake buƙata kawai shi ne a zauna gwaji, idan kuma an rasa shi da dalili, babba ya je ya nemi a sake mata.

Lissafi kuwa sai an tona. Makin gwajinta 27 ya ƙunshi 10 cif na aikin gida, da 9 da 8 a gwaje-gwaje biyu. Aikin gida ana yinsa da littafi a buɗe, wani lokaci da hannun ƙawa ko yaya a ciki, don haka shi ne mafi raunin shaida a kati. Gwaji yana tambayar abin da aka koya a 'yan makonnin baya, yana nan ɗanye a kai. Jarrabawa tana tambayar zango duka, da agogo a gaba. Idan maki yana sauka daga aikin gida zuwa gwaji zuwa jarrabawa kamar yadda nata ya yi, ana zargin ɗaya daga abu uku: tana mantawa saboda ba ta komawa baya, ko lokaci yana ƙare mata, ko akwai babin da ba ta taɓa fahimta ba. Kati ba zai faɗi wanne ba. Takardar amsar jarrabawa ce za ta faɗa, kuma makarantu da dama suna mayar wa ɗalibai ita ko su bari a gani idan an nema.

A tata takardar, tambayoyin zaɓi 20 ne masu maki ɗai-ɗai, ta ci 9. Sai manyan tambayoyi biyar masu maki 8 kowacce. Uku ta taɓa, ta tara 10 a cikinsu. Biyun ƙarshe ko lambarsu ba ta rubuta ba, maki 16 ke nan da ba a yi takararsu ba. Ta ce lokaci ne ya ƙare, saboda ta daɗe a kan tambaya ta farko tana gogewa tana sakewa. A Lissafi ana ba da maki kan matakan aiki, ba kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka rubuta ƙa'idar da ta dace da zuba lambobi a cikinta yakan kawo wani abu ko da ba a kai ƙarshe ba. Wannan bayani ne zai ba mu buri mai ƙafa.

Sa buri da lambobi

Da mahaifiyarta ta ga an gyara matsakaicin zuwa 62, sai ta ce to zango mai zuwa tana son ganin 70. Na ce, "Yaya, bari mu ga nawa 70 ɗin take ci." Da darussa tara, ɗaga matsakaici da maki ɗaya yana buƙatar ƙarin maki 9 a jimla. Daga 62 zuwa 70 maki 72 ne, wato ƙarin 8 a kowane darasi ba tare da an zame a ko ɗaya ba, har da Addinin da ya riga ya kai 83. A zango na ɗaya matsakaicinta 61.0 ne. Yarinyar da ta motsa da maki ɗaya tsakanin zango biyu, a ce ta yi tsallen takwas cikin wata uku, an shirya mata faɗuwa ne tun kafin ta fara. Duk burin da aka faɗa da baki, a mayar da shi jimlar maki ta wannan hanya kafin a amince da shi. Matsayi a aji ma ba abin sa wa buri ba ne, domin rabinsa yana hannun 'ya'yan wasu.

Hanyar da ta fi ita ce a gina burin daga ƙasa, darasi bayan darasi, kuma kada a wuce uku ko huɗu. Ana zaɓensu da tambaya biyu: wanne ne yake cikin biyar ɗin da ake buƙata kuma yake kusa da layin kiredit, sannan wanne ne makinsa ya zube saboda dalilin da aka sani kuma yake da arhar gyara? Ana kuma duba katin zangon baya, domin makin da ɗalibi ya taɓa ci shi ne mafi ingancin shaidar abin da zai iya. A zango na ɗaya ta ci 44 a Lissafi, 49 a Fiziks, 56 a Turanci, 68 a Sibik.

Lissafi: daga 46 zuwa 52. Gwaji ya tsaya a 27, jarrabawa ta tashi daga 19 zuwa 25. Maki shidan za su fito ne daga taɓa dukkan manyan tambayoyin, uku-uku daga biyun da ta saba bari. Aikin da zai kai ta can shi ne ta riƙa yin tsoffin tambayoyi da agogo sau biyu a mako, ta raba mintunan jarrabawa ga tambayoyin, idan na tambaya sun cika ta bar fili ta wuce. Na sa 52 ba 50 ba, saboda wanda ya auna bakin layi daidai, kuskure ɗaya ya mayar da shi ƙasa.

Fiziks: daga 48 zuwa 53, biyu daga gwaji, uku daga jarrabawa. Ban nemi fiye da haka ba, domin zango biyu tana tsaye wuri ɗaya, ajin ma a nan yake, kuma Fiziks yana jingine da Lissafi, gyaran ɗaya yakan ja ɗayan a hankali. Turanci: daga 52 zuwa 56, komawa inda ta taɓa kaiwa, bayan an duba takardarta an ga ko insha'i ne ya ja ta ƙasa ko fahimtar rubutu ko taƙaitawa. Sibik: daga 57 zuwa 67, dukkan goman daga gwajin da ba za ta sake rasawa ba. Sauran darussa biyar, abin da ake nema shi ne kada su sauka. Kemistiri musamman a bar mata shi yadda take yinsa, kuma a faɗa mata a fili cewa nan ta fi ajinsu, domin 58 ba za ta gaya mata haka da kanta ba.

A tara ƙarin: 6 da 5 da 4 da 10, maki 25. Jimla ta zama 583, matsakaici 64.8. A ido tashin bai kai maki uku ba, amma darussa biyar ɗin da ake buƙata duk sun shiga kiredit, matsakaicinsu ya tashi daga 53.6 zuwa 56.6.

Saura abu ɗaya da zango na uku yake zuwa da shi. Makarantu da yawa suna haɗa zangon uku su raba uku don yanke hukuncin wucewa aji na gaba, wasu kuma suna sharaɗin a ci Turanci da Lissafi. Makin da ake buƙata a zango na uku shi ne burin shekara a ninka da 3, a ɗebe makin zango biyun da suka wuce. A Fiziks, don a samu 50 a shekara: 150 a ɗebe 49 da 48, saura 53, daidai da burin da muka sa. A Lissafi kuwa 150 a ɗebe 44 da 46, saura 60. Burinmu na 52 zai ba da 47.3 ne a shekara. Don haka tun makon farko a tambayi malamin aji ƙa'idar makarantar. Idan 50 ɗin shekara a Lissafi sharaɗi ce, to 60 ta zama dole, kuma ƙarin maki 14 ba zai samu da raba lokaci kaɗai ba, sai an rage buri a wani darasin an nemo mai koya mata babi-babi.

Kada a jira katin gaba kafin a san ko ana kan hanya. A rubuta burin kowane gurbi a takarda ɗaya a manna a bangon littafinta. Gwajin farko yana zuwa cikin makonnin farko na zango: a Lissafi ana neman 9 bisa 15 ko fiye, a Fiziks a ƙara ɗaya a kan na baya, a Sibik a tabbatar ta zauna. Idan na Lissafi ya dawo da 6, an rasa uku daga 27 ɗin da aka dogara da su, sai a ɗora su kan gwaji na biyu ko a mayar da burin jarrabawa 28 maimakon 25, a kuma karɓi takardar gwajin a ga wane babi ne ya ci makin.